Watan Ciniki da Watan Zaman Jira: Yadda Mai Shago Zai Karanta Littafinsa

Duk wanda ya daɗe a Kantin Kwari zai gaya maka cewa kasuwa tana buɗewa kafin Sallah, tana kwanciya idan damina ta kankama. Wannan ba sabon ilimi ba ne, yaron shago ma ya san shi. Abin da ba kowa ke iya faɗa ba shi ne adadi. Turmi nawa shagonka ke sayarwa a watan da kasuwa ta fi buɗewa, nawa kuma a watan da ta fi mutuwa? Yaushe ya kamata kaya su iso? Kuɗi nawa za ka killace domin Agusta kada ta same ka kana karya farashin kaya don ka sallami yara? Amsoshin nan uku suna cikin littafin da ake rubuta cinikin kullum, wanda galibi ba a waiwayarsa sai an yi gardama a kan bashi.

Zan bi lissafin da shagon atamfa, domin a sana'ar tufafi ne hawa da saukar shekara suka fi fitowa fili. Alƙaluman shagon na misali ne da na tsara don a ga yadda ake yi, amma ranakun Sallah da abubuwan da suka faru a ƙasa na gaskiya ne. Mai sayar da takalma, ko turare, ko kayan masarufi a Kasuwar Singa zai iya bin matakan nan da nasa littafin.

Ƙirga turmi, ba naira ba

Matakin farko shi ne ka tattara cinikin kowane wata na aƙalla shekara biyu. Shekara uku ta fi. Shekara ɗaya ba ta isa ba, domin ba za ka bambance abin da ke maimaituwa da abin da ya faru sau ɗaya ya wuce ba.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin tun kafin su fara, saboda suna tattara naira. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira a kasuwar canji a watan Yunin wannan shekarar, farashi ya yi ta hawa, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, shagon da ya sayar da turmi ɗari a Janairu, ya kuma sayar da turmi ɗari a Disamba, littafinsa zai nuna kamar Disamba ta fi da nisa, alhali kayan da suka fita ɗaya ne. Idan ka gina shirinka a kan naira, duk watannin ƙarshen shekara za su yi maka kama da watannin albarka. Saboda haka ka ƙirga abin da ya bar kanta: turmi, yadi, katan, buhu. Idan kayanka iri-iri ne, ɗauki guda uku ko huɗu da suka fi riƙe shagon, ka yi wa kowanne nasa lissafin. Atamfa da shadda ma ba lallai ne su tashi a mako ɗaya ba.

Ga abin da littafin shagon namu ya nuna, a turmi:

| Wata | 2024 | 2025 |
|---|---|---|
| Janairu | 190 | 230 |
| Fabrairu | 170 | 300 |
| Maris | 400 | 460 |
| Afrilu | 210 | 130 |
| Mayu | 220 | 270 |
| Yuni | 230 | 150 |
| Yuli | 110 | 120 |
| Agusta | 90 | 100 |
| Satumba | 110 | 120 |
| Oktoba | 170 | 190 |
| Nuwamba | 230 | 260 |
| Disamba | 270 | 310 |

Jimillar 2024 turmi 2,400 ce. Idan aka raba ta gida goma sha biyu, matsakaicin wata ya zama 200. Jimillar 2025 kuwa 2,640, matsakaicin wata 220. Wato shagon ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari.

Nauyin kowane wata

Yanzu sai ka raba cinikin kowane wata da matsakaicin shekararsa. Abin da ya fito mu kira shi nauyin watan. Agustan 2024 turmi 90 ne, a raba da 200, ya ba da 0.45. Ma'anarsa, Agusta ba ta kai ko rabin wata na yau da kullum ba. Disambar 2024 turmi 270, a raba da 200, ya ba da 1.35, wato ta ɗara matsakaicin wata da kusan kashi ɗaya bisa uku. Duk watan da nauyinsa ya haura ɗaya, watan ciniki ne, wanda ya gaza ɗaya kuma watan haƙuri ne. Amfanin rabawa da matsakaicin kowace shekara shi ne girman da shago ya yi daga bara zuwa bana ba zai shiga ya rikita hoton ba.

Biro da kalkuletar waya sun ishi wannan aiki. Wanda ke amfani da Excel ko Google Sheets, idan ya jera watanni goma sha biyu daga layi na 2 zuwa na 13 a ginshiƙin B, sai ya rubuta wannan a kusa da Janairu ya ja shi ƙasa:

```
=B2/AVERAGE(B$2:B$13)
```

Daga nan sai ka ajiye nauyin shekarun biyu kusa da juna, ka duba waɗanne watanni ne suka yi maganar da ta zo ɗaya. Agusta ta ba da 0.45 a duka shekarun. Yuli da Satumba sun tsaya a wajen 0.55. Oktoba 0.85 da 0.86. Nuwamba 1.15 da 1.18. Disamba 1.35 da 1.41. Waɗannan watanni shida sun yi ittifaƙi, kuma akwai dalilin da hankali zai kama. Daga Yuli zuwa Satumba kuɗin mutanen karkara yana gona, ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago, hatsin bara ya ja baya a rumbu, sabo bai shigo ba. A birni kuma kuɗin makaranta na jiran iyaye a Satumba. Idan kaka ta yi, aka sayar da amfanin gona, sai bukukuwan aure su taso, masu haɗa lefe su fara shigowa layi-layi, 'yan sari daga ƙauyuka da maƙwabtan ƙasashe su dawo. Wannan zagaye yana bin ruwan sama, ruwan sama kuma yana bin shekarar rana, don haka yana zaune daram a kan watannin Bature. Ga irin waɗannan watanni, ɗauki matsakaicin nauyin shekarun biyu ka riƙe shi: Disamba 1.38, Nuwamba 1.17, Agusta 0.45.

Ina ba da shawara kada a yarda da wani hawa ko sauka da ba a san dalilinsa ba. Idan alƙaluma suka nuna Oktoba ta yi tsalle, kai kuma ka rasa abin da ke kawo mutane a Oktoba, koma littafin kullum ka duba. Sau da yawa za ka tarar mutum ɗaya ne ya kwashi kaya.

Watannin da suka ƙi yarda da juna

Rabin farko na shekara kuwa wani labari ne daban, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Afrilun 2024 nauyinta 1.05, Afrilun 2025 kuma 0.59. Fabrairu ta tashi daga 0.85 zuwa 1.36. Yuni ta faɗo daga 1.15 zuwa 0.68. Idan ka bi littattafan lissafi yadda suka zo, za ka haɗa nauyin Afrilu biyu ka raba, ka sami 0.82, adadin da bai dace da ko ɗaya daga cikin shekarun ba, ba kuma zai dace da mai zuwa ba.

Dalilin shi ne shagon Bahaushe kalanda biyu yake bi a lokaci guda. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka Sallah tana ja baya da kwana goma zuwa goma sha ɗaya kowace shekara a kalandar Miladiyya, sai bayan kimanin shekara 33 take kewayowa inda ta baro. A Nijeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilun 2023, sai 10 ga Afrilun 2024, sai 30 ga Maris na 2025. Babbar Sallah ta kama 16 ga Yuni a 2024, ta kama 6 ga Yuni a 2025. Afrilun 2024 ta ci kwana tara na ƙarshen azumi, Afrilun 2025 kuma gaba ɗayanta ta faɗa bayan Sallah, lokacin da aljihu ya bushe. Ba Afrilu ce ta canza hali ba, Sallah ce ta tashi daga cikinta.

Maganin abin shi ne ka daina ƙirga cinikin Sallah da sunan wata, ka ƙirga shi daga ranar Idi ka yi baya. Buɗe littafin kullum, ka sa yatsa a ranar Sallah, ka tattara cinikin mako-mako kana komawa baya har ka iso inda ciniki ya dawo daidai da na kullum. A shagon atamfa wannan yakan ɗauki kamar mako shida, domin mai sayen atamfa ba sa ta zai yi haka nan ba, sai ta bi ta hannun tela, telan kuma da azumi ya raba ya fara cewa ya rufe karɓar ɗinki. Shi ya sa cinikin yadi yake rigan na takalma da huluna da kayan yara na kanti tashi, su nasu sai goman ƙarshe yake tumbatsa. Mai sayar da sukari da gero da man girki shi ma tagarsa daban ce, tana buɗewa tun ƙarshen Sha'aban. Kowa ya nemo tasa.

A shagon namu, mako shidan da suka gabaci Ƙaramar Sallar 2024 sun fara ne daga 28 ga Fabrairu, kuma an sayar da turmi 560. Na 2025 sun fara daga 16 ga Fabrairu, an sayar da 640. Raba kowanne da matsakaicin watan shekararsa: 560 bisa 200 ya ba da 2.8, 640 bisa 220 ya ba da 2.9. Alƙaluman da suka ƙi haɗuwa a kalandar Bature sun zo sun daidaita da aka auna su da ranar Idi. Mako shidan nan suna cinye kayan kusan wata uku na yau da kullum. Haka za ka yi wa Babbar Sallah, wadda tagarta a harkar tufafi yawanci ba ta kai ta Ƙarama ba, tunda kuɗin magidanci ya karkata ga rago.

Abubuwan da za a share kafin a yarda da littafi

Akwai abubuwa uku da ke sa littafi ya yi ƙarya ba da niyya ba. Na farko, cinikin da ba zai maimaitu ba. Idan wata ƙungiya ta zo ta ɗauki turmi 150 na anko a rana ɗaya, cire shi daga lissafin watan, ka rubuta shi a gefe. Haka nan watannin da wani abu ya tsayar da kasuwar gaba ɗaya, kamar kullen korona na 2020, ko ƙarancin takardun kuɗi na Fabrairu da Maris na 2023 lokacin sauya fasalin naira. Waɗannan watanni ba su gaya maka komai game da Fabrairu ko Maris na kullum, don haka kada ka sa su cikin nauyi.

Na biyu ya fi ɓuya. Littafi yana rubuta abin da aka sayar ne, ba abin da aka nema ba. Idan zanen da ake yayi ya ƙare maka saura mako biyu Sallah, mutane suka yi ta shigowa suna fita hannu rabbana, littafin zai nuna ciniki ya ragu, alhali kayanka ne suka gaza. In ka yi sarin baɗi da wannan adadi, za ka sake gazawa a daidai wurin. Alamarsa ita ce ka ga ciniki yana hawa mako bayan mako, sai kwatsam ya faɗi alhali maƙwabtanka suna cike da jama'a. Daga yau ka sa yaro ya riƙa ja layi a bayan littafi duk lokacin da aka tambayi abu aka ce babu.

Na uku shi ne bashi. Ranar da kaya suka fita ita ce ta lissafin sari, ranar da kuɗi suka shigo ita ce ta lissafin ajiya. Ɗan sarin da ya ɗauki kaya a Sha'aban ya ce sai bayan Sallah, ya ƙara nauyin watan a turmi, bai ƙara ko sisi a aljihun tebur ba.

Daga nauyi zuwa sari

Mu ce mai shagon yana sa ran matsakaicin watansa a 2026 ya kai turmi 240, wato ƙarin da bai kai na bara ba ma, don a yi taka-tsantsan. Ninka 240 da 2.85, tsakiyar nauyin tagogin biyu, za ka sami kimanin turmi 680. Ƙaramar Sallar 2026 tana wajen 20 ga Maris, saboda haka tagar tana buɗewa tun makon farko na Fabrairu. Idan daga ba da oda zuwa saukar dila yana ɗaukar mako uku, to odar farko dole ta fita a tsakiyar Janairu. Wanda ya ce zai jira ganin watan Ramadan ya riga ya makara.

Ba na goyon bayan a sayo 680 ɗin a tashi ɗaya. Atamfa tana da yayi, zanen da ya tashi kan mata bana zai iya kwana a kanta har shekara. Na fi son a shigo da kamar kashi biyu bisa uku kafin tagar ta buɗe, a riƙe kuɗin sauran, bayan mako biyu a ga zanen da ke tafiya a ƙaro shi. Sannan a gwada hasashe da abin da ido ya gani: in littafin bara ya nuna mako biyun farko suna ɗaukar kashi ɗaya bisa huɗu na cinikin tagar, to bana ya kamata su kawo wajen turmi 170. Idan 120 suka kawo, rage odar biyu tun kafin kuɗin su fita.

Nuwamba da Disamba lissafinsu ya fi sauƙi. Ninka 240 da 1.17 da kuma 1.38, ka sami kimanin turmi 280 da 330. Agusta kuma turmi 108 kacal take buƙata, komai arhar da dila ya yi maka tayi a Yuli.

Kuɗin da za a killace

Don sanin ajiya, sai ka fara sanin turmi nawa ne ke ɗauke nauyin shagon a wata. Mu ce ribar turmi, bayan an cire kuɗin saye da dako, naira 2,000 ce. Mu ce kuma abin da ke fita kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wato sallamar yara, wuta da man janareta, kuɗin masu gadi da shara, da cefanen gidan mai shago, ya kai naira 360,000. Raba 360,000 da 2,000, ka sami turmi 180. Duk watan da bai kai 180 ba, shagon yana cin jikinsa ne. A sa cefanen gida cikin lissafin nan, domin daga aljihun tebur yake fita ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Babbar Sallar 2026 tana ƙarshen Mayu, don haka Yuni gaba ɗayanta watan bayan Sallah ce. Mu ba ta nauyin da Afrilun 2025 ta nuna, wajen 0.6, wato turmi 144. Yuli 132, Agusta 108, Satumba 132. Giɓin kowanne daga 180 shi ne 36, da 48, da 72, da 48, jimilla turmi 204. A naira 2,000 kowanne, giɓin ya kama naira 408,000. Ƙara kashi ɗaya bisa huɗu saboda tashin farashi da abin da ba a zata ba, ya zama naira 510,000. Wannan shi ne kuɗin da ya kamata ya kasance a killace ranar da aka gama cin naman layya. Kuɗin hayar shekara da zakkar dukiya suna da nasu gurbin daban, kuma ita zakka shekarar Hijira take bi, don haka ranarta ma tana matsowa.

Tara shi ba ya buƙatar wata dabara mai wuya. Nuwamba da Disamba da tagar Ƙaramar Sallah tare suna fitar da kusan turmi 1,290. Idan aka cire naira 400 daga kowane turmi da aka sayar a waɗannan lokuta aka sa a asusu na daban, za a tashi da naira 516,000.

Wani zai ce ajiye tsabar kuɗi a zamanin hauhawar farashi asara ce, gara a zuba su a kaya. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba na cewa a ajiye fiye da giɓin da aka lissafa. Amma kayan da ba sa fita a Agusta ba za su biya albashin Agusta ba, kuma wanda ya matsu ya sayar a watan da kowa ke neman mai saye, asarar da zai yi a karya farashi takan wuce abin da hauhawar wata uku za ta ci. Sannan a kula da kuɗin da ke cika aljihun tebur bayan Sallah. Mafi yawansa ba riba ba ce, jari ne da ya koma kuɗi na ɗan lokaci, kuma shi za a sake zubawa a Oktoba don sarin kaka: turmi 610 na Nuwamba da Disamba, in kowanne ya kama naira 12,000 a sari, sun haura naira miliyan bakwai.

Wannan lissafi ba a yin sa sau ɗaya a rufe, domin kalandun biyu suna ta matsowa kusa da juna. A shekarun nan Ƙaramar Sallah tana gangarowa daga Maris zuwa Fabrairu, daga baya ta shiga Janairu, wato tagarta tana dab da haɗewa da cinikin kaka. Sakamakon haka biyu ne. Kuɗin Disamba ba za su ƙara samun lokacin hutawa ba kafin a mayar da su sarin Sallah, kuma tazarar da ke tsakanin Babbar Sallah da shigowar amfanin gona tana ƙara tsawo da kwana goma sha ɗaya duk shekara. A 2024 watannin giɓi na damina uku ne a shagon namu, Yuli zuwa Satumba. A 2025 Yuni ta shiga sahunsu, nan da 'yan shekaru kuma Mayu za ta biyo baya, naira 400 ɗin da ake cirewa a kan turmi ba za ta ƙara isa ba.